Taronmu na minti 45 ba ya tashi sai bayan awa ɗaya da rabi: ina matsalar ajandar nan take?

Bilkisu_T
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka saba jagorantar taron ma'aikata. Wata 4 ke nan da aka ɗora ni kan sashenmu. Mu 9 ne har da ni, aikinmu karɓar oda, fitar da kaya daga sito, kai wa masu saye, da lissafin abin da ya fita. Duk Litinin ƙarfe 9:00 muke zama. A takarda minti 45 ne, amma ban taɓa ganin mun tashi kafin 10:30 ba, na wannan makon ma sai 10:40. Ga ajandar da na gada daga wanda na canza:

1. Karanta bayanan zaman da ya gabata
2. Rahoton kowane ma'aikaci
3. Jinkirin kai kaya
4. Sauran batutuwa

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne lamba 3. Mako 6 ke nan yana kan takarda, kuma shi ne abin da masu saye ke kuka da shi, amma kafin mu iso kansa kowa ya gaji, direbobi suna ta duba agogo. Sai a ɗan taɓa shi sama-sama a ce sai mako mai zuwa. Me zan gyara?

dan_sito
Wa alaikumus salam. Hajiya ki sa agogon waya kawai. Kowa minti 3, da ta yi ƙara ya yi shiru. Mu haka muke yi.

Malam Saminu
Malama Bilkisu, kafin a ba ki magani, ki taimaka mana da lissafi. A zaman da kuka tashi 10:40, ƙarfe nawa kuka fara da gaske? Minti nawa karatun bayanai ya ci, nawa rahoto ya ci? Ko da ƙiyasi ne.

Bilkisu_T
Malam, ai na rubuta a gefen littafina don takaici. Mun fara 9:10 saboda jiran mutum biyu. Karatun bayanai da gyare-gyarensa minti 12. Rahoto ya kai mu 10:16. Jinkirin kai kaya minti 5. Sauran batutuwa suka kwashe abin da ya rage, kusan minti 20, kuma yawancinsa kan wanda ke barin fanka a kunne ne da batun sauya kujeru.

Malam Saminu
Yawwa. To ga amsar nan a littafinki. Daga 9:22 zuwa 10:16 minti 54 ne, mutum 9, kowa ya ci minti 6. Minti 6 kuwa ba surutu ba ne, duk wanda aka ce ya faɗi abin da ya yi a mako guda zai kai haka ko ya wuce. Wato lamba 2 kaɗai ta fi tsawon taron gaba ɗaya. Tun ranar da aka rubuta ajandar nan ba ta taɓa shiga cikin minti 45 ba, don haka kada a bar jaki ana dukan taiki, ba mutanenki ne masu laifi ba.

Ko da shawarar dan_sito kika bi, 9 sau 3 minti 27 ne. Ki ƙara 12 na karatu, saura minti 6 ga babbar matsalarku, in ma an fara a kan lokaci.

Abu na biyu, kuma shi ya fi girma a wurina: “Jinkirin kai kaya” kan magana ne, ba aiki ba ne. In kika ɗora shi a teburi kowa zai kawo labarinsa. Direba zai ce sito ba sa fitar da kaya da wuri, sito su ce oda na zuwa a makare, masu oda su ce mai saye ne ke canza ra'ayi. Duk gaskiya suka faɗa, amma ba wanda ya san yaushe za a ce an gama, domin ba a yi tambayar da za a amsa ba. Da za ki rubuta, misali, “Mu dawo da lokacin rufe karɓar oda daga ƙarfe 4:00 zuwa 2:00, ko mu ƙara fita ta biyu da yamma?”, da an ce wannan ko wancan magana ta ƙare. Wanda kuma ya soma labarin kujeru, kowa zai ga ya saki hanya ba sai kin faɗa ba.

Garba77
Ni dai a ganina sakatare ne matsalar. In bayanan taro suka fito tsaf, da sunan wanda ya kawo ƙudiri da wanda ya mara masa baya, ba za a ɓata lokaci wajen gyara ba. Ina da samfurin da muke amfani da shi a ƙungiyarmu, shafi 4 ne, in kina so in turo.

Talatu_Sakatariya
Garba77, ba taron ƙungiya take nufi ba, zaman ma'aikata ne na mako-mako. Shafi 4 ai ƙara mata ciwo za ka yi. Shekara 11 ina rubuta bayanan taro, kuma na daɗe da gane cewa a irin wannan zama abu uku kawai ake komawa a duba: me aka yanke, wa zai yi, yaushe zai gama. Rabin shafi ya isa. Ina tura shi kafin awa ɗaya da tashi, mai gyara ya yi a rubuce kafin washegari. Ranar Litinin ba na karanta komai, sai dai in bi jerin ayyukan ɗaya bayan ɗaya: “Gyaran ma'auni, an yi?” A ce an yi, ko a ce ba a yi ba, sai Laraba. Ba a tambayar dalili a wurin. Aiki 8 ko 10 ba sa wuce minti 4.

Garba77
To ai in ba a karanta an amince da su ba, ba su zama hujja ba.

Talatu_Sakatariya
A majalisar gudanarwa ko kwamitin da dokarsa ta ce a yi haka, gaskiyarka. Tsakanin mutum 9 da ke ganin juna kullum, ba kotu za a kai takardar ba.

Injiniya_Auwal
Ku yi taron a tsaye kawai. Mu masu rubuta manhaja tsarin Scrum muke bi, minti 15 a tsaye, kowa ya faɗi abin da ya yi jiya, abin da zai yi yau, da abin da ya tsare shi. Ba kujera, ba dogon labari.

Malam Saminu
Injiniya, minti 15 ɗin gaskiya ne, amma na kullum ne ba na mako ba, kuma an yi shi ne don masu aiki ɗaya su daidaita yininsu. Tambayoyi ukun nan ma an cire su daga jagorar Scrum a bugun 2020. Malama Bilkisu hukunci take so a yanke kan abin da ya shafi sito da direbobi da masu oda lokaci guda. Wannan ba ya yiwuwa mutane na tsaye suna sauya ƙafa. Abin da za ta iya ɗauka daga wurinku shi ne “me ya tsare ka”, shi kam yana da amfani.

Injiniya_Auwal
Na yarda da rabi. Amma tun da muka koma tsayuwa ko mai surutun cikinmu ya rage.

Baban_Aisha
Ku bar wahalar da kanku. Taron mako-mako ba don aiki ake yin sa ba, don oga ya ga an taru ne. Shekara 20 ina zama irinsa, ban ga abin da ya fito daga ciki ba wanda ba za a iya faɗa a saƙo ɗaya ba. Ki soke shi ki huta.

Bilkisu_T
Baban_Aisha, da rahoto ne kawai da na soke. Amma direbobi ba sa zama ofis, Litinin da safe ne kaɗai nake samun su da 'yan sito a ɗaki ɗaya. Malam Saminu, in na cire rahoto ta yaya zan san abin da kowa ke ciki? Kuma yaya ajandar za ta kasance?

Malam Saminu
Ba cire shi za ki yi ba, fitar da shi daga ɗakin za ki yi. Kowa ya rubuta layi uku kafin a tashi aiki ranar ƙarshe ta mako: abin da ya kammala, abin da ke gabansa, abin da ya tsaya da wanda yake jira. A takarda ɗaya da kowa ke iya gani, ko a rukunin saƙonku. Layi 27 ke nan, minti 3 ya ishi mutum ya karanta. Daga cikin “abin da ya tsaya” za ki tsamo batutuwan Litinin, ki tura ajanda a ranar, kada ki bari sai Litinin da safe. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Da ni ne, ga yadda zan raba minti 45 ɗin:

9:00, minti 5: ayyukan makon jiya, an yi ko ba a yi ba, irin yadda Hajiya Talatu ta faɗa.
9:05, minti 5: tambaya kan rahoton da aka rubuta, in akwai.
9:10, minti 18: rufe oda ƙarfe 2:00 ko fita ta biyu. Mai gabatarwa shugaban sito. Hukunci ake so.
9:28, minti 8: batu na biyu, ƙarami.
9:36, minti 5: a karanta abin da aka yanke, da suna da rana.

In kika haɗa 41 ne. Minti 4 da suka rage da gangan na bar su, domin ba zaman da ba ya ɗan zamewa. Wanda ya cika ajandarsa dam har minti na ƙarshe ya riga ya makara tun bai fara ba.

Ki lura kowane batu yana da abu uku a gabansa: sunan mai shi, mintinsa, da abin da ake so daga ɗakin. Na ukun nan mutane ke mantawa. Wani batun sanarwa ne kawai, wani ra'ayi ake nema amma ke za ki yanke, wani kuma tare za a yanke. In ba a faɗa ba, sai ki ga an kwashe minti 15 ana gardama kan abin da aka riga aka gama daga sama, daga baya mutane su ji an raina musu hankali.

Hadiza_Lissafi
Malam, ni a nan na saba da kai. An koya mana a fara da ƙananan batutuwa a share su, sai a fuskanci babban da natsuwa. In ka sa babba a farko, masu makara za su rasa shi.

Malam Saminu
Ai tsarin da take kai yanzu ke nan, kuma mako 6 babban bai samu shiga ba. Ƙaramin batu ba ya tsayawa a ƙanƙantarsa. Akwai wani marubuci ɗan Birtaniya, C. Northcote Parkinson, da ya zana wannan a 1957. Ya kawo misalin kwamitin da ya amince da gina tashar nukiliya cikin minti biyu da rabi saboda ba wanda ya fahimce ta, sannan ya kwashe minti 45 kan rumfar ajiye kekuna saboda kowa ya san kwano da katako. Kwamitin ƙirƙirarsa ya yi, amma ki duba fanka da kujerun Malama Bilkisu: minti 20, jinkirin kaya kuma 5. Batun masu makara, minti 10 na farko ai an bar musu. Wanda bai iso ba har 9:10, matsalarsa ta wuce ta ajanda.

Hadiza_Lissafi
To na ji. Bari in ƙara muku wani lissafi tunda sana'ata ce. Taron ya wuce lokacinsa da minti 55, mutum 9. Minti 495 ke nan, awa 8 da kwata. Wato duk mako ana ƙona yinin ma'aikaci guda cur. Bilkisu, in wani ya ce me ya sa kika canza tsari, ki rubuta masa wannan a allo. Amma har yanzu ina ganin sanarwar minti ɗaya-ɗaya a farko ta fi, kafin hankali ya rabu.

Ummi_K
Ku yi haƙuri in yi magana daga ƙasa, don ni ba shugaba ba ce. A wurin aikinmu an yi irin wannan gyaran bara, aka cire zagayen rahoto. Taron ya gajarce, gaskiya ne. Amma minti 5 ɗin nan nawa shi ne kaɗai lokacin da ake jin muryata a mako. Yanzu mutum uku ne ke magana daga farko har ƙarshe, mu sauran muna kallo. Akwai ranar da aka yanke sauya fom ɗin da ni ce ke cika shi kullum, na san ba zai yi aiki ba, amma agogo na tafiya, ga manya sun amince, sai na yi shiru. Bayan mako 3 aka dawo da tsohon. Anti Bilkisu, in za ki cire rahoto ki nemo wa irinmu wata ƙofa.

Talatu_Sakatariya
Ummi ta faɗi abin da ba a cika faɗa ba. Abin da na ga wata shugaba tana yi, kuma ya yi aiki: a kan babban batu, kafin a buɗe muhawara, sai ta zagaya ɗakin kowa ya faɗi jimla ɗaya ko biyu, ta fara daga mafi ƙanƙanta a muƙami, ita ce ta ƙarshe. Mutum 9 a daƙiƙa 30 minti huɗu da rabi ne, yana shiga cikin 18 ɗin Malam. In babba ya fara magana, na ƙasa “haka ne” kawai zai ce.

Ummi_K
Wallahi da haka ake mana da na faɗi batun fom ɗin.

dan_sito
Ni har yanzu ban ga wanda ya ce agogo ba shi da amfani ba. Duk tsarin nan na Malam, in ba mai kallon lokaci, takarda ce kawai.

Malam Saminu
Ba wanda ya ce haka, ɗan'uwa. Agogo na nan, sai dai batu ake auna wa lokaci, ba bakin mutum ba. Kuma kada shugaba ta riƙe shi da kanta, ba za ta iya sauraro tana ƙirga minti ba. A ba wani, a riƙa juyawa duk mako. Aikinsa ya ce “saura minti 3” sannan ya ce “lokaci ya cika”. Daga nan shugaba ce za ta zaɓi ɗaya cikin uku a fili: a yanke yanzu, a ƙara minti 5 amma a faɗi batun da za a cire wa, ko mutum biyu-uku da abin ya shafa su zauna daban su kawo amsa ranar kaza. Abin da ke kashe taro shi ne na huɗu, wato a ci gaba kamar ba a ji ba. In aka yi haka sau biyu, mai agogo ma zai daina magana.

Ummi_K
Malam, a ba ni agogo in ce wa wanda ya haife ni lokacinsa ya cika? Ai sai dai in bar wayar ta yi ƙara in sunkuyar da kai.

Baban_Aisha
Hahaha. Kun gani ko. Takarda daban, ɗaki daban.

Nura_Nesa
Hakan ma ya wadatar Ummi, ƙarar ce ta yi magana ba ke ba. Mu a intanet muke zamanmu, mutum 7 a wurare daban-daban, kuma abin da ya fi taimaka mana shi ne sa ajandar a allon da kowa ke gani, ana rubuta hukunci a ƙarƙashin kowane batu yayin da ake magana. A ƙasa akwai wurin da muke jingine duk abin da ya faɗo ba a kan layi ba. Mutum ya soma wani zance, sai a rubuta shi a can da sunansa, ya ga ba a watsar ba, ya yi shiru da daɗin rai. Sharaɗin dai kafin a tashi a bi jerin: wannan ajandar mako mai zuwa, wannan ku biyu ku gama, wannan a bar shi. In ba a bi, cikin wata guda mutane za su gane kwandon shara ne. A ɗaki ma gefen allo ko farar takarda a bango ya isa.

Ƙaramin abu kuma: a Google Calendar akwai `Speedy meetings`, in ka kunna shi taron minti 30 yana zama 25, na awa ɗaya ya zama 50. Ba ya hana surutu, yana dai ba ka damar miƙe ƙafa kafin na gaba.

Bilkisu_T
Na gode ƙwarai. To “sauran batutuwa” fa? In cire gaba ɗaya?

Malam Saminu
Ni cirewa nake yi. Mai batu ya turo kafin a rufe ajanda. In abu ne na gaggawa da ya taso a ƙarshen mako, ya faɗa a minti na farko, a yanke ko zai shiga da abin da zai fita dominsa.

Talatu_Sakatariya
Nan kam ban bi ka ba Malam. Na ga inda aka cire, sai ƙorafin ya koma baranda da bayan ido. Akwai abin da mutum ba zai taɓa rubutawa ya turo ba, amma zai faɗa in aka tambaya ido da ido. Batun fanka ma wani lokaci ba fanka ba ce, wani ne ke jin ana raina shi. Ni ina barin minti 3 a ƙarshe: a ambaci abu, a ba shi mai shi, ba a tattaunawa.

Malam Saminu
In za a iya tsayawa a kan “ba a tattaunawa”, ban ƙi ba. Ni dai ban taɓa ganin an tsaya ba.

Bilkisu_T
Na dawo da labari bayan zama biyu. Na farko mun tashi 9:58, na biyu 9:49. Na fara 9:00 daidai da mutum 6, sauran suka shigo suka tarar ana yi, ban koma baya ba. Mako na biyu mutum ɗaya ne ya makara.

Amma ba komai ne ya tafi daidai ba. Rahoton rubutu mutum 5 ne suka yi a makon farko, direbobi biyu suka ce su ba sa zama su yi rubutu, sai na ce su turo saƙon murya na minti ɗaya, ni in rubuta. Wanda ya fi ba ni kunya shi ne babban batun. Na rubuta tambayar yadda Malam ya ce, na yi zagayen Hajiya Talatu, sai ƙaramar ma'aikaciyarmu ta masu oda ta tambaya: oda nawa ne ma ke shigowa bayan ƙarfe 2:00? Ɗakin ya yi tsit. Ba wanda ya sani, har ni. Shugaban sito ya ce kaɗan ne, masu oda suka ce rabi ne, aka kwashe minti 10 ana musu kan abin da ke rubuce a littafi a ɗakin da ke kusa. Na tsayar, na ba ta aikin ƙirgawa. Mako na biyu ta zo da shi: cikin oda 212 na mako 4, guda 61 ne suka shigo bayan 2:00, kuma 40 daga ciki na masu saye uku ne kacal. Da aka ga haka ba a zaɓi ko ɗaya cikin biyun da na rubuta ba. Aka ce a kira mutum ukun nan a roƙe su su riƙa turowa kafin 1:00, a gwada mako 2. Minti 11 aka yi an gama.

Malam Saminu
Wannan kuskurena ne, na ce abu uku a gaban kowane batu, na bar na huɗu. Duk batun da ake son hukunci a kansa, mai shi ya tambayi kansa tun kafin ranar: wace lamba ce in babu ita za a tsaya musu? Ya zo da ita a rabin shafi. In ba ta samu ba, a ɗage batun tun kafin a shiga ɗaki. Kuma abin da ya faru ya nuna iyakar shawarata ta rubuta tambaya mai zaɓi biyu: tana tsare zance, amma tana iya rufe hanya ta uku. Da ba a yi zagayen ba, da kun zaɓi ɗaya cikin biyun kuna ganin kun yi aiki.

Injiniya_Auwal
Shi ya sa a Amazon ake fara taro da karatu shiru. Jeff Bezos, wanda ya kafa kamfanin, ya hana gabatar da PowerPoint a zaman manyansu tun 2004, ana rubuta bayani har shafi 6, kowa ya zauna ya karanta a ɗakin kafin a buɗe baki. Ku ma ku yi haka, tunda an san ba kowa ke karantawa a gida ba.

Hadiza_Lissafi
Shafi 6 a taron minti 45? Ai karatun ne zai cinye rabinsa. Rabin shafi da minti 2 na shiru, wannan zan iya yarda.

Baban_Aisha
Ina taya ki murna Hajiya, amma ki dawo bayan wata 3 mu ji. Sabuwar tsintsiya kowa ya san ta da shara. Kuma ki duba da kyau, abin da ya warware matsalar yarinyar da ta ƙirga oda ce, ba taron ba.

Ummi_K
Baba, ai a taron ta yi tambayar.

Bilkisu_T
Akwai wata sabuwa kuma. Manajan da ke samana yakan leƙo zaman sau ɗaya ko biyu a wata, ba ya faɗa kafin ya zo. A zama na biyu ya shigo 9:30, ya ga takarda a bango ya yaba, sannan ya soma bayani kan tsaftar sito wanda ba ya cikin ajanda. Mai agogo ya kalle ni, na kalli ƙasa. Allah ya taimaka aka kira shi a waya bayan minti 6, shi ya sa muka tashi 9:49. Ranar da ba a kira shi ba fa?

Talatu_Sakatariya
Ki riga shi. Ki tura masa ajandar tare da kowa, ki ce ranka ya daɗe an ware maka minti 5 a 9:36 in kana da saƙo. Yawancinsu in suka ga sunansu da lokaci a rubuce suna kiyayewa.

dan_sito
Namu ogan in ka ba shi minti 5 a rubuce, ya samu lasisin zuwa duk mako ke nan. Gara a bar shi yana mantawa.

Nura_Nesa
Ko ki sallami direbobi 9:45 ko yana magana, ki ce kaya na jira. Shi da kansa ba zai so a ce shi ya jawo jinkirin kai kaya ba.

Bilkisu_T
Nura, wannan sai na auna yanayin fuskarsa tukuna. Zan fara da ta Hajiya Talatu ranar Litinin. Wani kuma ya taimaka mini da batun saƙon murya: yanzu mutum 4 ne ke turowa maimakon 2, ɗaya ma minti 5 ya yi, kuma ni ce ke zama ina rubutawa da daddare.